Na ɗauka Windows yake amfani da ita, sai alamu suka nuna ba haka ba: yaya zan yi a tsakiyar magana?

Tambaya: Malam, ina taimaka wa masu koyon rubuta manhaja ta hanyar saƙo, ba na ganin kwamfutarsu. Sau da yawa nakan yi hasashen tsarin da mutum yake kai, in fara ba shi umarni, sai can mun yi nisa ya turo wani abu da ya nuna hasashena ba daidai ba ne. A wane lokaci ya kamata in sauya ra'ayi, kuma yaya zan yi da matakan da na riga na ba shi?

Amsa: Ɗan'uwa, sauya ra'ayin shi ne abu mafi sauƙi a cikin lamarin. Inda aikin yake shi ne abin da ka riga ka sa mutum ya yi bisa tsohon zato, domin waɗannan matakai ba sa gogewa don kawai ka gane kuskurenka. Suna nan zaune a kwamfutarsa, kuma su ne za su dawo su cije ku bayan minti goma idan ba ka koma ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Bari in ba ka labarin wani aiki da na yi, domin a cikinsa ne na fi ganin wannan abu ƙarara.

Wata ɗaliba ta rubuto mini tana son girka wani ƙunshin Python mai suna `requests` don aikin da aka ba ta. Ta ce ta rubuta `python` ya ce babu shi, "har yana tambayata ko python3 nake nufi." Ta haɗa da hoton allonta da ta ɗauka da waya, hoton ya ɗan yi dishi-dishi, amma ana ganin layin ƙasa na Windows 11 da maɓallin Start a tsakiya. Ban tsaya wata-wata ba na ce a raina wannan Windows ce, kuma ba a girka Python ba. Na tura mata matakai uku. Na farko, ta sauko da Python na Windows ta girka, ta tabbata ta danna akwatin da ke cewa `Add python.exe to PATH`. Na biyu, ta buɗe PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ta shiga foldar aikinta, ta rubuta `py -m venv venv` don ta keɓe wa aikin muhallinsa. Na uku, ta buɗe foldar a VS Code, manhajar da ta saba aiki a ciki, ta kunna muhallin a tagar umarninsa da `venv\Scripts\activate`.

Na farko ya tafi lafiya, na biyu ma haka. A na uku ne ta liƙo mini wannan:

```
venvScriptsactivate: command not found
```

Ka duba layin nan da kyau, domin yana ɗauke da shaida biyu. Ta farko, kalmomin `command not found` ba yaren Windows ba ne. Tsohuwar baƙar tagar Windows, wato cmd, idan ba ta gane umarni ba cewa take yi `is not recognized as an internal or external command`. PowerShell kuma cewa take yi `is not recognized as the name of a cmdlet`. Wanda ke cewa `command not found` dangin bash ne da zsh, masu karɓar umarni a Linux da Mac. Ta biyu kuma ta fi ƙarfi: sandunan nan biyu masu karkata baya da na rubuta a tsakanin kalmomin sun ɓace, kalmomi uku sun manne sun zama ɗaya. A Windows wannan sanda ita ke raba folda da folda. A bash kuwa aikinta daban ne, tana nufin "ɗauki harafin da ke gabana yadda yake," sai bash ya cinye ta ya bar harafin. Babu yadda za a yi cmd ko PowerShell su fitar da wannan layi. Ke nan tagar da take rubutu a ciki ba wadda nake zato ba ce.

A nan ne amsar tambayarka ta farko take. Ba yawan alamu ake ƙirgawa ba, nauyinsu ake aunawa. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: da a ce hasashena gaskiya ne, shin zai yiwu wannan abu ya bayyana a allo? Idan amsar ita ce zai yiwu amma ba a saba gani ba, sai in riƙe abin a zuciya in ci gaba da sa ido. Idan amsar ita ce ba zai taɓa yiwuwa ba, to alama guda ta isa ta rushe goma da suka gabace ta. Hoton allo, da nasarar girka fayil mai ƙarewa da `.exe`, da `py` da ya yi aiki, duk suna goyon bayan Windows. Amma layi ɗaya tak da ba zai iya fitowa daga tagar Windows ba ya fi su duka nauyi game da abin da ke gabanmu a wannan minti.

Kuma gaskiyar magana, ba wannan ce alamar farko ba. Ta farko tana cikin saƙonta na farko, ni ne na taka ta na wuce. Ta ce yana tambayarta ko python3 take nufi. Wannan ɗabi'ar Ubuntu ce, wani nau'in Linux: idan ka rubuta umarnin da babu shi, sai ta ba ka shawarar wani mai kama da shi, ta ce `did you mean` ta kawo `python3`. Windows 10 ko 11 da ba a girka wa Python ba, in ka rubuta `python`, yawanci shagon Microsoft Store take buɗe maka ko ta nuna maka hanyarsa. Na karanta maganarta, amma da yake hoton ya riga ya cika mini ido, sai na fassara ta yadda za ta dace da abin da na riga na yanke. Wannan ita ce cutar da ta fi kama masu irin aikinmu, kuma ta fi kama wanda ya daɗe yana yi, domin ya ga Windows sau ɗari, na ɗari da ɗaya ba ya ƙara dubawa. Alamar da za ka gane ta kama ka ita ce ka ji kana nema wa wata magana uzuri: wataƙila kuskuren rubutu ta yi, wataƙila daga wani darasi ta kwafo. Uzuri ɗaya babu laifi. In ka kai ga na biyu don kare zato guda, to zaton ne ya kamata a tuhuma.

To, na gane ba tagar Windows ba ce. Abin da zuciya ke so a wannan lokaci shi ne ta yi tsalle ta ce ai Linux ce, ta tura sabon umarni nan take don ta rufe kunya. Kada ka yi. Rushewar zato na farko ba ta tabbatar da na biyu ba. A kwamfutar da ke nuna fuskar Windows, akwai hanyoyi da dama da mutum zai samu kansa a cikin bash, kuma biyu daga ciki su suka fi yawa. Ɗaya Git Bash ce, wadda ke zuwa tare da Git na Windows. Ita bash ce a fuska, amma Python ɗin da take kira na Windows ne. Ɗayar kuma WSL ce, wato Linux da ke gudana a cikin Windows, wanda Microsoft ta fara fitarwa a 2016, sannan siga ta biyu mai ɗauke da ainihin ƙwayar Linux ta iso ga jama'a a 2020. Akwai kuma yiwuwar ta shiga wata kwamfuta ce ta nesa da `ssh`, ko tana cikin Docker.

Dalilin da ya sa bambancin ke da muhimmanci shi ne maganin kowanne ya saba da na ɗayan. Idan Git Bash ce, duk abin da na sa ta yi daidai ne, muhallin da muka gina lafiyarsa ƙalau, gyaran bai wuce juya sanduna ba: `source venv/Scripts/activate`, shi ke nan. Idan kuwa WSL ce, wannan muhalli ba shi da amfani a inda take, sai an gina sabo. Saƙon kuskure kusan iri ɗaya, amma a ɗaya ana riƙe abu, a ɗayan ana ajiye shi gefe. Da na yi hasashe na biyu ba tare da tabbatarwa ba, da ko dai in sa ta rushe abin da ke da kyau, ko in sa ta ci gaba da gini a kan abin da ba zai ɗauka ba.

Saboda haka sai na tsayar da komai, na nemi shaida daga bakin na'urar da kanta. Ga abin da na rubuta mata, kusan kalma da kalma: "Dakata, kada ki sake gwada wancan umarnin. Na ɗauka a PowerShell kike, amma saƙon nan ya nuna tagar da ke cikin VS Code ɗinki bash ce. Kuskuren daga wurina yake, ke kin rubuta abin da na ba ki daidai. A wannan tagar dai, ba wata ba, rubuta waɗannan biyun ki liƙo mini abin da ya fito."

```
uname -sr
pwd
```

Akwai abubuwa a cikin wannan ɗan saƙo da na koya da wahala. Kalmar "dakata" ce ta fara zuwa, domin mai koyo idan umarni ya ƙi, ba ya zama ya jira ka. Zai sake gwadawa, ya ƙara `sudo` a gaba, ya nemo wani abu a intanet ya liƙa, kafin ka gama rubuta bayaninka ya ƙara ɗaure abin. Sai kuma faɗin tsohon zaton a fili. Na ga masu taimako da yawa suna sauya hanya a ɓoye, kawai su fara ba da umarnin Linux kamar tun farko abin da suke faɗa ke nan. Illar haka ita ce mutumin yana riƙe da jerin umarni biyu masu karo da juna a saƙonninsa, bai san na sama ya mutu ba. Gobe idan ya dawo zai maimaita aikin, daga sama zai fara. Ban da haka, sabon ɗalibi kullum kansa yake zargi. Idan ba ka ce kuskuren naka ne ba, zai ɗauka shi ne bai iya ba, kuma daga nan zai fara ɓoye maka saƙonnin kuskure, alhali su ne idanunka. Jimla ɗaya ta isa, ba sai ka cika shi da ban haƙuri ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Sai maganar "a wannan tagar dai, ba wata ba." Da ban faɗi haka ba, da tana iya komawa PowerShell ɗin da na sa ta buɗe ɗazu ta rubuta a can, in samu amsar da za ta ƙara ruɗa ni. Ka kuma lura ban tambaye ta "wane tsari kike kai?" ba. Da na tambaya, da ta ce Windows, kuma ba ta yi ƙarya ba. Mutum yana faɗa maka abin da ya sani game da kwamfutarsa, na'ura kuwa tana faɗa maka inda umarninka zai sauka. Shi ya sa a wurina rubutun da aka kwafo daga allo yake sama, sai hoton allo, sai bayanin mutum da bakinsa, can ƙasa kuma sunan kamfanin da ya ƙera kwamfutar, wanda kusan ba ya gaya maka komai. Kuma kyawun `uname` shi ne ko ya ƙi aiki ya ba ka amsa: in aka rubuta shi a cmd ko PowerShell, yanayin ƙorafin da zai fito shi zai nuna maka wacce ce a cikinsu. Ba ya kuma taɓa komai a kwamfutar, karantawa kawai yake yi. Duk umarnin da za ka bayar alhali kana cikin shakka, ya zama irin wannan.

Ga abin da ta turo:

```
Linux 5.15.153.1-microsoft-standard-WSL2
/mnt/c/Users/dalibi/Desktop/aiki
```

Magana ta ƙare. Layin farko ya ce Linux, kuma wutsiyarsa ta ce WSL2. Layi na biyu ya ƙara tabbatarwa, domin `/mnt/c/` ita ce ƙofar da WSL ke bi ta ga faifan C na Windows. Da Git Bash ce, da layin farko ya fara da `MINGW64_NT`, na biyu kuma da `/c/Users/`. Da Mac ce, da ka ga `Darwin` da `/Users/`. Linux zalla kuwa yawanci `/home/` za ka gani, babu kalmar `microsoft` a layin farko. Na ce ta duba kusurwar ƙasa ta hagu a VS Code, ta ce an rubuta `WSL: Ubuntu`. Ashe wani abokin karatunta ne ya saita mata tun farkon zango, ita ba ta ma san sunan abin ba. Ta san dai nan take buɗewa ta yi aiki.

Ka ga ke nan hasashena na farko bai zama ƙarya gaba ɗaya ba. Kwamfutar Windows ce. A mataki na ɗaya da na biyu ma a Windows ɗin take, shi ya sa suka yi aiki, kuma nasararsu ce ta ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan kuskure. A mataki na uku ne ta koma gidanta na kullum, ni kuma ban san ta ƙaura ba. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato: alamar farko gaskiya, ta biyu ma gaskiya, mutum ne ya sauya taga a tsakani. Don haka tambayar da ta dace ba "wace kwamfuta ce" ba ce. Ita ce "wane ne zai karɓi layin da zan tura yanzu."

Yanzu sai babban aikin, wato komawa baya. Na hau sama na sake karanta duk abin da na tura mata, ina tambayar kowane mataki abu biyu: shin ya dogara da tsohon zaton, kuma shin ya bar wani abu a baya?

Mataki na ɗaya, girka Python na Windows, ya dogara da zaton, kuma bai ma zama dole ba tun farko, domin Ubuntu ɗinta tana da `python3` a ciki, abin da Ubuntu ɗin take ta ƙoƙarin gaya mata ke nan. Ya bar abu a baya, amma ba mai cutarwa ba. Na gaya mata ta bar shi, ba sai ta cire ba, sai dai ta san cewa yanzu tana da Python biyu a kwamfuta ɗaya, kuma abin da aka girka wa ɗaya, ɗayan bai san da shi ba. Wannan jimla ta ƙarshe na ɗauke ta dole, domin ranar da ta buɗe PowerShell ta gudanar da aikinta ta ga `ModuleNotFoundError`, za ta tuna dalili.

Mataki na biyu shi ne mai haɗarin. Ya bar folda mai suna `venv` zaune a cikin aikinta, kuma sunan nan shi ne dai sunan da sabon umarni zai nema. Da na tura mata gyaran rabi, na ce ta rubuta `source venv/bin/activate` kamar yadda ake yi a Linux, da ta samu `No such file or directory`, domin muhallin da Windows ta gina ba shi da `bin`, `Scripts` gare shi. Da kuma ta matsa ta bi ta `Scripts`, abin da ke ciki `python.exe` ne, ɗan Windows. In kana son ka tabbatar wa ya gina wani muhalli, akwai ɗan fayil a cikinsa da ke faɗa: `cat venv/pyvenv.cfg`. Layin `home` zai nuna inda Python ɗin da ya haife shi yake. Nata ya fara da `C:\Users`, shaida ta cika.

Mataki na uku bai gudana ba ko kaɗan, don haka bai bar komai ba. Na dai ce mata ta ɗauke shi a matsayin wanda aka soke.

Kafin in ba da sabbin umarni sai da na yi tambaya guda wadda na'ura ba za ta iya amsawa ba: a wane ɓangare ake son aikin ya zauna? Domin hanya biyu ce a buɗe. Tana iya rufe WSL ta koma Windows zalla, inda muhallin da muka gina zai yi aiki yadda yake. Tana kuma iya zama a Ubuntu mu gina sabo. Gano inda mutum yake ba ya nufin nan ya kamata ya zauna, kuma ba ni ke da ikon zaɓa mata ba. Ta ce darussansu duk da umarnin Ubuntu ake koyarwa. To, a Ubuntu za a zauna. Na tura mata jeri sabo cikakke, na rubuta a samansa cewa ya maye gurbin duk na baya:

```
mv venv venv-tsoho
sudo apt update
sudo apt install python3-venv
python3 -m venv venv
source venv/bin/activate
which python
```

Layin farko da gangan na sa `mv` maimakon sharewa. Mintuna kaɗan da suka wuce na tabbata a kan abin da ba daidai ba, don haka ban ga dalilin da zan miƙa wa mai koyo `rm -rf` a daidai wannan lokaci ba, umarnin da ba ya tambaya kuma ba ya mayarwa. Sauya suna yana kawar da tsohuwar foldar daga hanya, in kuma ta bayyana na sake yin kuskure, ana dawo da ita da layi ɗaya. Layi na uku kuma yana nan ne saboda Ubuntu da Debian suna raba `venv` a wani ƙunshi daban, in babu shi ginin muhallin zai tsaya da ƙorafin `ensurepip is not available`. Wannan mataki babu shi sam a jerin Windows. Shi ya sa ba a gyara tsohon jeri ta hanyar fassara shi layi-layi. Sabon tsari yana da nasa buƙatu da tsohon bai san da su ba, sai ka sake tunanin aikin daga tushe.

Layin ƙarshe shi ne gwajin sabon hasashe. Na faɗa mata abin da nake sa ran gani tun kafin ta rubuta: hanya mai ƙarewa da `aiki/venv/bin/python`. Faɗin abin da kake tsammani tun kafin ya fito yana hana ka sake yin abin da na yi da farko, wato karɓar duk abin da ya zo ka lanƙwasa shi ya dace. Abin da ya fito ke nan. Daga nan `pip install requests` ya wuce ba gardama. Na ƙara mata shawara ɗaya don gaba, cewa aiki a ƙarƙashin `/mnt/c/` ya fi nauyi a WSL2 fiye da aiki a cikin foldar gida ta Ubuntu, don haka in ta samu sarari ta mayar da aikin can. Ban sa ta yi a lokacin ba. Sauyi ɗaya ya ishe ta a zama ɗaya.

Akwai ɗaya gefen da ya kamata in ja maka kunne a kai, domin wanda ya taɓa ƙonewa yakan wuce gona da iri, ya riƙa sauya ra'ayi da kowace ƙaramar alama. Wannan ma yana gajiyar da mai tambaya, kuma yana zubar da amincewarsa da kai. Alamu da yawa suna kama da hujja amma ba su kai ba. Mutum ya ce ya rubuta `ls` ya ga fayilolinsa: wannan bai fitar da shi daga Windows ba, domin PowerShell tana karɓar `ls` da `cat` da `pwd` a matsayin laƙabin nata umarnin. Sai ka ce ya gwada `ls -la`, a nan PowerShell za ta yi ƙorafi, bash kuwa ta wuce. Mutum ya rubuta hanya da sanda mai karkata gaba: Windows ma tana karɓar wannan a wurare da yawa. Ka ga `zsh: command not found`: zuciya za ta ce Mac, tunda zsh ce ta asali a can tun macOS Catalina a 2019, kuma sau da yawa haka ne, amma masu Linux da yawa suna girka zsh da kansu. Umarnin `ver` a cmd ya nuna lamba mai farawa da 10.0: kada ka ce Windows 10 ce, domin Windows 11 ma da 10.0 take farawa, sai ka duba lambar gini, daga 22000 zuwa sama ita ce 11. Haka in kana duba bayanan da burauza ke aikawa game da kanta, iPad tun iPadOS 13 yana gabatar da kansa a Safari kamar Mac. Duk waɗannan suna karkatar da zato, ba sa yanke hukunci. Abin da suka cancanta shi ne tambaya guda mai rahusa kafin mataki na gaba.

Yawan tabbacin da kake buƙata kuma ya danganta da abin da za ka sa a yi. In umarnin na dubawa ne kawai, yi hasashenka ka tura, in ya ƙi ma ka ƙaru da sani. In zai girka abu, ko ya sauya saiti, ko ya nemi `sudo` ko izinin mai gudanarwa, to ka ga shaida daga allo tukuna. In zai share ko ya taɓa faifai, ko da ka tabbata ɗazu, sake tabbatarwa a wannan tagar, a wannan lokacin.

Ban daina hasashe ba, kuma ba na ba ka shawarar ka daina. Wanda ya zo da matsala ba ya son a tare shi da tambayoyi bakwai kafin a ce masa komai. Abin da na sauya shi ne ina faɗin hasashen a jimlar farko, tare da alamar da za ta karya shi: "Ina ɗauka a PowerShell kake, inda layin ke farawa da `PS C:\`. In naka yana ƙarewa da alamar `$` ko `%`, tsaya ka gaya mini kafin ka rubuta komai." Da haka mutumin ya zama ido na biyu, shi da ke ganin allon da ni ba na gani. Sannan duk lokacin da na ce wa wani ya buɗe wata manhaja ko wata taga daban, nakan nemi ya liƙo mini layin farko da ya gani a cikinta kafin mu ci gaba, domin a daidai wannan gaɓar ce ɗalibar nan ta bar Windows ta shiga Ubuntu ina kallon tsohon hoto.